Jeranta Waƙoƙi a Ƙaramin Diwani: Misali Daga Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Gabatarwa

Rubutacciyar waƙar Hausa ta saba fitowa ita kaɗai. Mawaƙi yakan tsara ta saboda wani sha'ani da ya taso, a rera ta a taro ko a gidan rediyo, ko kuwa a buga ta a jarida kamar yadda aka riƙa yi a Gaskiya Ta Fi Kwabo, sa'an nan ta shiga bakin jama'a ba tare da wata 'yar'uwa a gabanta ko a bayanta ba. Sai an zo tara waƙoƙin a littafi guda ne wata tambaya take tasowa wadda ba a yi ta ba lokacin tsara su, watau wace ce za ta fara, wace ce za ta bi ta, kuma da wace za a rufe. Galibi akan ɗauki wannan a kan aikin maɗaba'a, alhali kuwa waƙa takan sake ma'ana gwargwadon wadda ta gabace ta. Wa'azin da ya biyo bayan marsiyya daban yake shiga zuciya da wanda ya biyo bayan waƙar raha, ko da baitocin ba su canza ba.

Wannan maƙala za ta duba hanyoyin jerantawa da aka gada, sa'an nan ta bi misali guda daki-daki: yadda za a jera waƙoƙi tara na wani mawaƙi mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi a littafi mai shafi 32.

Hanyoyin da aka gada

Almajirin zaure a Kano ya san hanyoyi uku na jeranta waƙoƙi tun kafin zuwan boko. Ta farko ita ce bin harafin ƙafiya, kuma babban misalinta Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus na ƙarni na 13. An kasa ta harafi 29, kowane harafi baiti 20, daga hamza har zuwa ya. Wannan hanya ta dace da Ishiriniya domin jigonta ɗaya ne daga farko har ƙarshe, watau yabon Annabi, kuma mai haddacewa yana bukatar sanin inda ya kwana. Amma harafi ba ruwansa da abin da waƙa take faɗa. In waƙoƙin jigonsu ya bambanta, sai ƙafiya ta haɗa marsiyya da zambo a shafi ɗaya don kawai sun yi tarayya a harafi.

Hanya ta biyu ita ce kasa waƙoƙi babi-babi bisa jigo, kamar yadda Abu Tammam ya yi a Hamasa a ƙarni na 9, inda ya buɗe da babin jaruntaka, ya biyo da na marsiyya, har babi goma. Ta uku kuwa bin zamani ne, kuma sunan littafin Alhaji Mudi Sipikin na 1971, Tsofaffin Waƙoƙi da Sababbin Waƙoƙi, ya nuna ta ƙarara. Haka ma Zaɓaɓɓun Waƙoƙin Da da na Yanzu da Ɗandatti Abdulƙadir ya tattara a 1979. Waɗannan hanyoyi biyu suna da amfani ga babban kundi da kuma ɗalibi mai neman waƙa kaza ko zamani kaza. Ƙaramin diwani kuwa, wanda ake karance shi a zama ɗaya tsakanin la'asar da magariba, bukatarsa daban ce.

Abin koyi a nan ya fi kusa da tsarin doguwar ƙasida guda, kuma wadda aka fi sani a Kano ita ce Burda ta Busiri. Baitocinta kimanin 160 ne, kari ɗaya, ƙafiya ɗaya ta mimun, amma a yadda ake buga ta an kasa ta fasali goma. Ta fara da bege da kuka, ta shiga gargaɗi game da son zuciya, sa'an nan ta kai ga yabo. Daga nan haihuwa, mu'ujizoji, Alƙur'ani, Isra'i da Mi'iraji, da jihadi. Ta sauka da neman ceto, ta rufe da ganawa da Ubangiji. Mai karatu ba ya isa ga yabo sai an fara tausasa zuciyarsa, kuma ba a roƙo sai bayan an gama yabo. Kowane fasali yana share wa na gabansa fage. Wannan shi ne abin da mai jeranta ƙaramin diwani yake nema: littafin ya zama kamar ƙasida ɗaya, kowace waƙa ta tsaya a matsayin fasali.

Waƙoƙin da ke hannu

A ɗauka wani malamin makaranta ne mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi ya tara waƙoƙi goma a cikin shekara shida. Akwai gajeriyar waƙar yabon Ubangiji da Manzonsa. Akwai ta asuba, mai siffanta yadda titin Zariya yake farkawa, daga kiran salla har fitowar masu shayi da masu ƙosai. Akwai ta kasuwar Tarauni, waƙar raha ce a kan taya da albarka. Akwai ta bege, wadda ya yi wa matarsa kafin aure. Akwai ta tashar Unguwa Uku, ranar da ya raka ƙanensa zai tafi neman abinci kudu. Akwai ta jinya, daren da ya kwana a gefen gadon mahaifiyarsa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Akwai marsiyyarta, wadda ta ƙare a maƙabartar Tarauni, ita ce kuma mafi tsawo, ƙwar biyar baiti 30. Akwai wa'azi a kan halin duniya. Akwai ta sunan 'yarsa, wadda aka mayar wa sunan marigayiyar. Ta goma kuwa waƙar zaɓe ce da ya yi wa wani ɗan takara.

Matakin farko shi ne a rubuta kowace waƙa a ƙaramar takarda daban, a sa abubuwa biyar: jigonta, halin da take barin mai sauraro a ciki, babban amsa-amonta, zubin baitinta da karinta, sai yawan baitocinta. Na biyun shi aka fi mantawa da shi. Jigo da hali ba koyaushe suke tafiya tare ba. Waƙar tasha jigonta tafiya ne, amma abin da take bari a zuciya kewa ce, saboda haka danginta na kusa su ne jinya da marsiyya, ko da yake ba a ambaci ciwo ko mutuwa a cikinta ba. In an gama, sai a shimfiɗa takardun a tabarma, domin a riƙa sauya musu wuri ana gani da ido.

Jeri biyu da ba su yi ba

In an bi shekarun da aka tsara su, sai a tarar wa'azi ne na farko, domin shi ya fara yi yana saurayi, sa'an nan bege, sa'an nan waƙar zaɓe. Waƙar kasuwa kuwa ya yi ta ne wata biyar bayan rasuwar mahaifiyarsa, don haka za ta faɗo daf da bayan marsiyya. A rayuwa wata biyar lokaci ne mai tsawo, mutum ya yi kuka ya share hawaye har ya koma dariya. A littafi kuwa tsakaninsu buɗe shafi ne kawai. Mai karatu zai baro bakin kabari ya tsinci kansa cikin cinikin tattasai, ya ga kamar mawaƙin bai damu ba. Wannan shi ne aibin bin zamani a ƙaramin littafi: takarda ba ta nuna tazarar kwanaki.

In kuma an kasa su babi-babi, sai a sami babin addini mai yabo da wa'azi, babin gari mai asuba da kasuwa da tasha, da babin iyali mai sauran. Jerin ya yi tsaf a shafin ƙunshiya, amma wa'azin ya zo a shafi na bakwai, tun mai karatu bai san wanda yake yi masa wa'azi ba, bai kuma ga abin da duniyar ta yi masa ba. Baitocin da ke cewa duniya ba wurin zama ba ce za su zama irin waɗanda aka saba ji a ko'ina. Daɗin daɗawa, babin iyali ya tara duk waƙoƙi masu nauyi wuri ɗaya, rabin littafin farko ya zama fayau, na biyu ya yi wa mai karatu yawa.

Jerin da aka zauna a kansa

Hanyar da ta fi ita ce a fara neman waƙar da ta fi kowace nauyi, a kafa ta, sa'an nan a jera saura da la'akari da ita. A nan marsiyya ce. Ba a sa ta a farko, domin ba a kukan mutuwar wanda ba a sani ba. Ba a kuma rufewa da ita, sai fa in mawaƙi yana nufin ya sallami mai karatu cikin baƙin ciki. Wurinta shi ne bayan an ci kimanin kashi biyu cikin uku na littafin, yadda za a sami filin hawa zuwa gare ta da kuma ɗan filin sauka. A cikin waƙoƙi tara, ita ce ta bakwai.

Daga nan sai a tambayi kowace waƙa abin da za ta yi wa marsiyyar. Yabo ya buɗe littafin, bisa al'adar fara komai da sunan Allah. Asuba ta biyo, ta kafa wurin da abin zai faru da kuma muryar mai magana. Ta uku kasuwa ce, kuma dalilin sa ta nan ya wuce raha: akwai baiti biyu a cikinta inda mawaƙin ya tuna yadda mahaifiyarsa take aikensa sayen kayan miya yana yaro, tana ƙirga masa canji. Mai karatu zai yi murmushi ya wuce, amma ya riga ya san ta. Sa'ad da ya iske ta a gadon asibiti bayan waƙoƙi biyu, ba baƙuwa ba ce a gare shi. Waƙar da ta zama abin kunya a bayan marsiyya ita ce ta zama ginshiƙinta da aka dawo da ita gaba.

Ta huɗu bege, ta biyar tasha. Bege rashi ne mai daɗi wanda ake sa ran ƙarewarsa. Tasha rabuwa ce da ake fatan saduwa a bayanta. Jinya tsoron rabuwa ne. Marsiyya kuwa rabuwar da ba dawowa. Haka waƙoƙi huɗu da aka tsara a shekaru daban-daban suka zama matakala, kowace ta ɗara ta bayanta nauyi kaɗan. Da an sa tasha kafin bege, da an hau an sauko an sake hawa, kuma daren jinya zai zo wa mai karatu ba shiri.

Bayan marsiyya sai wa'azi. Yanzu mai karatu ya san bakin da maganar take fitowa, kuma baitocin da saurayi ya tsara da ilmin littafi sun zama kamar na wanda ya dawo daga jana'iza. Ta ƙarshe waƙar suna ce. Sunan da aka kira a marsiyya shi aka raɗa wa jaririya, kuma tun da an saba sakaya sunan iyaye da laƙabi irin Ummi ko Mama, mawaƙin yana kiran 'yarsa da kalmar da yake kiran mahaifiyarsa. An kuma raɗa sunan ne da sassafe, sai littafin ya koma lokacin da waƙa ta biyu ta buɗe da shi.

Waƙar zaɓe ba ta sami wuri ba. Ba ta da aibi a kari ko ƙafiya, mai yiwuwa ma ita ta fi yin suna a unguwa, amma duk inda aka sa ta sai ta yanke zaren. Alamar waƙar da ba ta cikin littafi ita ce a cire ta a ga maƙwabtanta sun haɗe ba tabo. Ajiye ta domin wani littafin yana cikin aikin jerantawa.

Kunne da mahaɗa

Jigo kaɗai ba ya yanke hukunci, domin waƙar Hausa rerawa ake yi. Kalmomin Hausa masu ƙarewa da wasalin a suna da yawa ƙwarai, shi ya sa amsa-amo irin su -wa da -ya da -na suka cika waƙoƙi. A misalin nan, asuba da bege duka ƙwar biyu ne, duka kuma da -na suke ƙarewa. Da an jera su kusa da juna, kunne zai ji su kamar waƙa ɗaya mai tsawo, ta biyun ta ɓace a inuwar ta farko. Kasuwa, wadda ƙwar biyar ce mai amshi da amsa-amon -ki, ta shiga tsakaninsu ta raba. Haka nan ake lura da kari: waƙoƙi uku a jere cikin Mutadarak, ko uku cikin Kamil, sukan sa mai rerawa ya riƙa jan murya ɗaya har ya daina jin ma'ana. Sai dai akwai inda ake so a bar kamar da gangan. Jinya da marsiyya in sun yi tarayya a kari, ta biyun za ta zama ci gaban numfashin ta farko, kuma hakan ya dace da su.

Sai batun mabuɗi da marufi, wanda ya keɓanci waƙoƙinmu. Mawaƙi yakan buɗe da ambaton Allah da salati, ya rufe da godiya da addu'a, wani lokaci har da sunansa da ramzin shekara. A waƙa guda wannan ado ne da ladabi. A littafi mai waƙoƙi tara kuwa, ya zama buɗewa tara da rufewa tara, kuma daidai mahaɗar da ake so jinya ta zarce cikin marsiyya sai a tarar da baiti uku na sallama da wasu uku na sabuwar basmala. In mawaƙin yana raye, shi ke da ikon ya bar cikakken mabuɗi a waƙar farko da cikakken marufi a ta ƙarshe, ya taƙaita na tsakiya zuwa baiti ɗaya ɗaya. In kuwa waƙoƙin marigayi ne ake tattarawa, mai tattarawa ba shi da wannan dama. Amanarsa ita ce ya kawo waƙa yadda aka bar ta, ya nemi gyara ta wurin jeri kawai.

Hanyar gwada mahaɗa mai sauƙi ce. A rubuta baitin ƙarshe na kowace waƙa tare da baitin farko na mai bi mata. Waƙoƙi tara suna ba da mahaɗa takwas. A rera su da ƙarfi a gaban mutum biyu ko uku waɗanda ba su san waƙoƙin ba. Inda mai rerawa ya rasa muryar da zai shiga baiti na biyu da ita, ko masu sauraro suka yi dariya a wurin da ba na dariya ba, to akwai gyara a nan.

Hukuncin shafi

Ƙaramin littafin da ake naɗe takarda biyu a ɗinke ta tsakiya, yawan shafukansa sai ya rabu da huɗu: 28, 32, 36. Shafi ɗaya yana ɗaukar kimanin layi 30, watau baiti biyar na ƙwar biyar ko goma na ƙwar biyu, in an bar layi guda tsakanin baitoci. A littafi mai shafi 32, huɗun farko na suna da sadaukarwa da ƙunshiya ne, saura 28. Da aka auna, yabo ya ci shafi 5 da 6, asuba 7 da 8, kasuwa 9 zuwa 12, bege 13 da 14, tasha 15 zuwa 17, jinya 18 zuwa 20, marsiyya 21 zuwa 26, wa'azi 27 zuwa 29, suna 30 zuwa 32.

Lissafi ya cika, amma akwai matsala guda. A littafin boko shafi mai lambar mara yana dama, mai cika yana hagu. Jinya ta ƙare a shafi na 20, a hagu, tana addu'ar samun sauƙi, ga kuma kan marsiyya a shafi na 21 yana kallon mai karatu tun bai gama addu'ar ba. An ba shi labarin mutuwar kafin lokaci. Maganinsa shi ne a buɗa baitocin jinya, huɗu huɗu a shafi, ta kai shafi na 21, marsiyya ta fara a na 22, sai an juya takarda a gan ta. Shafin da aka ara kuwa wa'azi ne ya biya: mawaƙin ya zubar da baiti biyar daga cikinsa, uku na mabuɗi da biyu masu maimaita abin da marsiyya ta riga ta faɗa, ya koma shafi 28 da 29. In da ajami za a buga littafin, dama da hagu za su juya, sai a sake auna wannan daga farko.

Iyakar wannan aiki

Jeri ba ya rayar da waƙar da ba ta da rai. Abin da yake yi shi ne ya ba mai rai wurin da za a fi jin ta. Kuma ba kowane mai karatu ne zai bi littafi daga shafin farko ba. Wani marsiyya kawai zai nema, wani kuma a wayar hannu zai ji waƙar kasuwa ita kaɗai, don haka kada a datse waƙa har ta kasa tsayuwa da ƙafarta. Yana da kyau a sa shekarar kowace waƙa a ƙarƙashinta, domin mai nazari ya san cewa wa'azin ya girmi marsiyyar, kada jerin littafi ya zama shaidar zur a kan tarihin mawaƙi.

Haka kuma akwai waƙoƙin da ba su da zare ɗaya, kuma tilasta musu shi ɓata su ne. Mawaƙi mai faɗin fage irin Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tattara waƙoƙinsa a Fasaha Aƙiliya, ya taɓa harshe da ilmi da halayen jama'a, kowace waƙa da sha'anin da ya haife ta. Ga irin wannan taska, babi-babi ko bin zamani ba gazawa ba ne.

Kammalawa

An ga cewa harafi da babi da zamani hanyoyi ne na adana waƙoƙi yadda za a same su, amma ƙaramin diwani ya fi bukatar tsarin ƙasida, inda kowane sashe yake shirya zuciya domin na gabansa. Matakan su ne a san halin da kowace waƙa take bari, a kafa mafi nauyi a wurinta, a jera saura zuwa gare ta da kuma daga gare ta, a gwada mahaɗa da kunne, sa'an nan a duba inda takarda take juyawa. A misalin da aka bi, waƙa ɗaya aka ajiye, aka rage baiti biyar daga wata, aka taƙaita mabuɗi da marufi na tsakiya. Sauran aikin duka sauya wa takardu tara wuri ne a kan tabarma, har jaririyar da aka raɗa wa suna a shafi na 32 ta amsa sunan matar da ta ƙirga canji a shafi na 10.